Yadda ake komawa atisaye da tsarin cin abinci bayan tsallake mako biyu

Wanda ya saba motsa jiki da kula da abin da yake ci, in ya yi mako biyu bai yi ba, abin da ya rasa kaɗan ne. Ƙarfin tsoka ba ya zubewa a kwana 14. Numfashi ne ke ɗan ja da baya, shi ma yakan dawo cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ɓarnar da ake yi, a makon dawowa ake yin ta: mutum ya ji haushin kansa, ya ninka gudu, ya daina karin kumallo, kwana huɗu ya kwanta da ciwon gwiwa ko ya afka wa abinci da dare. Bayanin nan na mutumin da biki, ko hidimar Sallah, ko tafiya, ko aikin gona ya raba da tsarinsa ne. Wanda rashin lafiya ta kwantar, akwai nasa a mataki na farko.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin rubutu da biro, ko wayarka. Kana buƙatar sanin abin da kake yi kafin ka tsaya: nisan gudu, nauyin da kake ɗagawa, da sau nawa. In ba ka taɓa rubutawa ba, zauna ka tuna makonka na ƙarshe, ka rubuta abin da ka tabbatar kana yi a rana ta yau da kullum, ba ranar da ka fi kowa ƙoƙari ba.

Agogo, na waya ma ya isa. Tef ɗin tela na auna ƙugu, in babu, igiya da za ka ƙulla wa alama. Sikeli in akwai. In sai ka je kemis ko asibitin sha-ka-tafi kafin ka hau, kada ka damu, tef ya wadatar. Gorar ruwa mai lita ɗaya. Takalmin da ka saba gudu da shi, ba sabon da ka saya don biki ba. Kwano ɗaya da za ka riƙa cin abinci a ciki kullum, domin shi ne ma'auninka. Sai kayan nauyinka: ƙarfe, ko siminti da aka zuba a gwangwani, ko jarka. Jarka ta fi sauƙin sarrafawa a wannan makon, saboda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kana iya ragewa ko ƙarawa yadda kake so.

1. Fara da sanin abin da ya tsayar da kai

Mako biyu ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Wanda ya tafi bikin ƙaninsa a Gumel ya yi kwana goma yana zaune ana ta kawo waina da lemo, jikinsa ya huta, har ya ƙoshi. Wanda ya yi mako biyu yana yankan gero ko shinkafa daga hantsi zuwa la'asar, shi bai daina motsa jiki ba, ya canza shi ne kawai, kuma a gajiye yake. Na farko zai iya farawa gobe. Na biyu ya fara hutawa kwana biyu, ya ci ya ƙoshi, kuma ya kula da bayansa, don sunkuyo na kwana da kwanaki yana barin ƙugu a ɗaure.

In zazzaɓi ne ya kwantar da kai, kamar na cizon sauro ko taifot, ko gudawa, dokar daban ce. Ba a atisaye da zazzaɓi a jiki. Ka ƙarasa maganinka gaba ɗaya, zazzaɓin ya sauka, cin abinci ya dawo, ka yi kwanaki kana hidimar gida ba jiri ba haki, sannan ka fara da tafiya kawai ta minti 15 zuwa 20. Zazzaɓin cizon sauro yana rage jini, shi ya sa mutum zai ji ya warke amma ɗan gudu kaɗan sai zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi. Irin wannan ya fara da rabin abin da ya saba, ya ba kansa mako uku. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai sikila, mai juna biyu da mai jego, su fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya kafin su taɓa abinci ko atisaye.

2. Kada ka yarda da sikeli a kwanakin farko

Nan ne yawancin mutane ke rikicewa, don haka bari a yi lissafin a fili. A ce matashi ne mai kilo 78, yana sassarfar kilomita 5 sau uku a mako, yana ɗaga nauyi sau biyu. Ya dawo daga biki ya hau sikeli, ya ga 80.5. Ransa ya ɓaci, ya ɗauka ya tara kitse kilo biyu da rabi.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700. Kilo biyu da rabi ke nan ya haura 19,000. In ka raba wannan a kwana 14, sai ya zamana kullum ya ci rarar kalori kusan 1,400 a kan abin da jikinsa ke ƙonawa. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kalori kusan 120 ne, ke nan kamar ya riƙa ƙara cokali 11 na mai kowace rana, ba fashi, har mako biyu. Da wuya a yi haka, ko a gidan biki. In rarar ta kasance 500 a rana, wanda shi ma ci ne sosai, kitsen da ya taru bai cika kilo ɗaya ba.

To sauran fa? Ruwa ne da abincin da ke cikin hanji. Jiki yana ajiye sitacin tuwo da shinkafa a tsoka da hanta, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe ruwa kusan giram 3. Wanda ya daina gudu ya ƙara cin shinkafa da waina, ma'ajiyar ta cika taf. Ga gishiri da magi da ke yawa a girkin taro, su ma suna riƙe ruwa. Za ka gane haka da alamu: zobe ko agogo ya matse, fuska ta ɗan cika da safe, ciki ya yi nauyi. Wannan nauyin yakan sauka da kansa cikin kwana huɗu zuwa mako ɗaya da zarar ka koma cinka na da.

Don haka ka bari sai ka yi mako guda a kan tsari kafin ka auna. Ka auna da safe, bayan ka zaga, kafin ka ci komai, da kaya iri ɗaya, a sikeli ɗaya. Ƙugu kuma a daidai cibiya, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka shanye ciki ba.

3. Abinci: koma kwanonka na da daga ci na gaba

Ba a jiran Litinin, ba a jiran sabon wata. In ka dawo gida da azahar, tuwon dare shi ne farkon komawarka. Kuma adadin da za ka ci shi ne wanda kake ci kafin ka tsaya, ba ƙasa da shi ba. Atisaye da tsarin abinci ba azumi ba ne da ake rama wanda aka sha. Kwanakin da suka wuce ba a bin ka su.

Dalilin da ya sa horon yunwa ba ya aiki a bayyane yake. Wanda ya tsallake karin kumallo da na rana don ya goge abin da ya ci a biki, zuwa magariba yunwa ta ci ƙarfinsa, sai ya ci malmala uku maimakon ɗaya da rabi, ya bi da fura mai suga. Washegari haushi ya ƙaru, ya sake matse kansa. Ga shi kuma yana son komawa gudu da ciki wayam, ƙafa ba ƙarfi. Azumin nafila na ibada daban ne, wanda ya saba yi ya ci gaba da abinsa, sai dai ya ɗauke atisaye mai nauyi daga ranar, ko ya mai da shi bayan buɗa-baki.

Ga yadda rana za ta kasance da abin da ake samu a ƙauye. Da safe koko da ƙosai huɗu ko biyar, suga cokalin shayi ɗaya ko babu, ko dafaffen ƙwai biyu, na kaza ko na zabo. Da rana wake da shinkafa, waken ya kai rabi, mai cokali ɗaya da ka auna da hannunka, ba a tsiyaya daga kwalba ba. Ko ɗanwake, ko dambu mai zogale da yawa. Da dare tuwo gwargwadon dunƙulen hannunka ɗaya zuwa ɗaya da rabi, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe ta wadata, da kifi ko nama in an samu. Abin da ya fi muhimmanci a kowane ci shi ne a sami mai gina jiki: wake, awara, alale, ƙwai, nono, kifi, ƙuli-ƙuli. Su ne ke riƙe ciki, su ne kuma tsoka ke buƙata yanzu da za ta koma aiki. Ganye kuma, kwaɗon zogale ko rama ko lansir, yana cika kwano ya kuma warware cushewar ciki da cin biki ke kawowa.

In a gidanku kwano ɗaya ake haɗuwa a ci, ba sai ka ware kanka ba. Ka yanki gefenka da ido kafin a fara, ka ci a hankali, in ka kai iyakar ka tsame hannu.

Abu biyu kawai za ka cire a makon nan: lemon kwalba da duk abin sha mai suga da yawa, da kuma ciye-ciyen tsakanin abinci. Nan ne kayan gara da tsarabar biki ke shigowa. Cincin, dubulan, alkaki da nakiya in suna cikin ɗakinka a buɗe, za ka ci, ba wai don ba ka da zuciya ba, don suna kusa ne. Raba wa yara da maƙwabta, ka bar kaɗan ka ci bayan abinci. In Inna ko Gwaggo ta aiko maka da kwano, karɓa da godiya, ka ci daidai cikinka, sauran ka miƙa. Ba sai ka mai da hannun kyauta baya ba.

Kuskuren da ya kamata a guje masa ƙwarai: shan maganin wankin ciki, ko jiƙe-jiƙen rage ƙiba da ake tallatawa ranar kasuwa. Abin da suke fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, ba kitse ba. Sikeli zai sauka kwana ɗaya, kai kuma ka tashi da jiri da ɗaurewar jijiya.

4. Gyara barci da ruwa kafin ranar farko

Hidima tana lalata barci, kuma wanda bai yi barci ba ya fi jin yunwa da kwaɗayin zaƙi. Ka koma kwanciya ba da jimawa ba bayan isha'i, ka nemi awa 7 zuwa 8, in dare bai isa ba ka ƙara da ƙailula. Shayi mai kauri da goro su tsaya kafin la'asar. Ruwa kuwa, fitsari ne ma'auni: in ya yi fari-fari da ɗan rawaya, ya isa, in ya yi duhu, ƙara.

5. Makon farko: kashi bakwai cikin goma

Ƙa'idar ita ce ka yi kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ka saba, ka bar kwana ɗaya tsakanin kowane atisaye mai nauyi, kuma ka tashi kana jin da saura. Ko da jiki ya ce zai iya fiye da haka, musamman wanda ya huta ya ci ya ƙoshi, kada ka biye masa a ranar farko. Tsoka tana jin ƙarfi, amma ciwon ba ya zuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Mu koma kan matashin nan. Kafin biki yana kilomita 5 a minti 30. Yana sauka da tashi a kan hannuwa sau 20, zagaye uku, wato ya yi 20 ɗin ya huta ya sake har sau uku. Yana tsuguno da miƙewa da nauyin kilo 30, sau 10, zagaye uku. Ga makonsa.

Ranar farko, bayan asuba gari ya ɗan waye: tafiya da sauri minti 5 don jiki ya yi ɗumi, sannan sassarfa minti 20 a hankali, ba ya duba nisa. Ma'aunin saurin shi ne magana: in zai iya gaisawa da mai wucewa, ya amsa lafiya lau, ya tambayi mutan gida ba tare da numfashi ya katse shi ba, saurin ya yi daidai. In kalma biyu ce ke fita da ƙyar, ya rage, ko ya yi tafiya minti ɗaya ya ci gaba.

Rana ta biyu, nauyi: sauka da tashi sau 14, zagaye biyu. Tsuguno da kilo 20, sau 10, zagaye biyu, hutun minti biyu a tsakani. In nauyinsa na siminti ne da ba ya raguwa, ya ɗauki jarkar lita 25 ya zuba mata lita 20 ya rungume ta a ƙirji. In kuma dole da simintin zai yi, ya rage yawan zuwa sau 6. Kowane zagaye ya tsaya yana jin zai iya ƙara uku.

Rana ta uku hutu, ko tafiyar minti 30, zuwa gona ko kasuwa ma ta shiga lissafi. Rana ta huɗu sassarfa minti 25. Rana ta biyar nauyi kamar na rana ta biyu, in ciwon jiki ya lafa ya ƙara zagaye na uku a tsuguno. Rana ta shida tafiya. Ta bakwai hutu.

Zai lura da abu ɗaya a gudun farko: haki ya fi na da, bugun zuciya ya fi sauri a kan saurin da ya saba. Wannan ba alamar komai ya rushe ba ne. In aka daina gudu, ruwan da ke cikin jini yana ɗan raguwa cikin 'yan kwanaki, sai zuciya ta ƙara yawan bugu don ta cike giɓin. Yana daga cikin abubuwan da ke saurin dawowa, sau da yawa a gudu na uku ko na huɗu mutum ya fara jin kansa.

Lokaci ma yana da tasiri. A bazara, watan Maris zuwa Mayu, kada ka fita gudu da rana tsaka. Bayan asuba ko gab da magariba. Sabon da jiki ya yi da aiki cikin zafi yana raguwa in aka yi hutu, don haka ranar da da kake jurewa yanzu za ta iya kayar da kai. A hunturu kuma ka tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 10, in ƙura ta yi yawa ka yi na cikin gida. Mace da ba ta fita gudu za ta iya yin duka a tsakar gida: zagaye da sauri minti 20, hawa da sauka a kan dakali ko turmin da aka kife a inda ba zai goce ba, tsuguno da jarkar lita 5 ko 10. Lissafin kashi bakwai cikin goma ɗaya ne.

Masu ƙwallo su yi hattara da wasan farko. Gudun fizga da juyawa kwatsam su ke jawo tsagewar naman bayan cinya. Ka yi sassarfa sau biyu tukuna, sannan ka buga rabin lokaci.

6. Bambanta ciwon da ba komai da wanda ke cewa tsaya

Tsamin jiki da ke zuwa washegari, a tsakiyar tsoka, a ɓangarorin biyu daidai, wanda ke sauƙi in ka motsa, wannan na al'ada ne, yakan wuce cikin kwana uku zuwa biyar. Tafiya ta fi kwanciya saurin warware shi. Kada ka sha maganin ciwon jiki don ka samu ka ci gaba da ɗaga nauyi, yana rufe maka alamar da kake buƙatar ji.

Ciwon da ke a gaɓa, gwiwa ko kafaɗa ko idon sawu, a gefe ɗaya, mai suka, wanda ke ƙaruwa in ka ci gaba ko ya sa ka ɗingishi, wannan ka dakatar da abin da ke tayar da shi. In ya kumbura ko ya wuce mako bai sauka ba, a duba shi.

Akwai alamun da ba a jira da su. Ciwon ƙirji, jiri har mutum ya nemi faɗuwa, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan an tsaya. Sai kuma wadda ta fi samun masu ramuwa: bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura ta yi ciwo fiye da kima, hannu ya ƙi miƙewa, fitsari ya koma launin baƙin shayi. Wannan alamar tsoka ta farfashe ce, abin da ta saki yana iya lalata ƙoda. A tafi asibiti a ranar, ba kemis ba.

7. Mako na biyu, da abin yi in bai tafi daidai ba

In makon farko ya wuce lafiya, mako na biyu ka hau kashi 80 zuwa 90. Matashin namu ya yi kilomita 4 a gudun farko, kilomita 5 a na ƙarshe ko da ya ɗauke shi minti 32. Tsuguno da kilo 25, zagaye uku. Sauka da tashi sau 17 ko 18. A mako na uku ya koma lambobinsa na da. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko nauyi ko yawan zagaye. In ka ƙara duka biyun kuma ciwo ya zo, ba za ka san wanne ya jawo ba.

A ƙarshen makon farko ne zai hau sikeli. Mai yiwuwa ya ga wajen 79, ƙugu kuma kusan inda yake. Ragowar da ke tsakanin 78 da 79 ita ce ta gaskiya, kuma tsarin da ya kawo shi 78 tun farko shi zai sauke ta sannu a hankali, ba tare da an rage ko loma ɗaya a kan na da ba.

In kuwa mako na biyu ya zo har yanzu ƙafa nauyi, barci ba daɗi, ka duba bugun zuciyarka da safe kafin ka tashi: yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga na minti ɗaya. In ya haura wanda ka saba da kusan 10 kwana biyu a jere, maimaita makon farko maimakon ƙari, ka kuma duba ko abincin ya yi kaɗan. Mutane da yawa suna rage tuwo a ɓoye suna cewa sun koma daidai.

Wani kuma matsalarsa ba jiki ba ce, fitar ce ta gagara, kullum sai gobe. Irin wannan ya rage ranar farko har ta zama ba abin gudu: takalmi a ƙofar ɗaki tun dare, minti 10 na tafiya, in ya so ya juyo gida. Ya yi alkawari da aboki ɗaya su haɗu a bakin makarantar firamare ko filin idi, don wanda ake jira ya fi saurin tashi. Ya rubuta abin da ya yi a littafi, ba abin da ya tsallake ba.

Kafin wata hidimar ta zo, Sallah ko girbi ko wani bikin, rubuta ƙaramin tsari a shafin ƙarshe na littafin: sau biyu a mako, minti 15, tsuguno zagaye biyu, sauka da tashi zagaye biyu, tafiya da sauri, da abinci mai gina jiki sau ɗaya aƙalla a rana. Wannan ana iya yin sa a ɗakin baƙi kafin a kawo karin kumallo, kuma wanda ya riƙe shi zai iya farawa daga mako na biyu kai tsaye in ya dawo.